Fatar Kon: Yadda Ake Auna Faɗinta Daga Radiyos Da Tsayi

Filin lissafi na wannan mako ya tsaya ne a kan tambayar da ke yawan cinye wa ɗalibai maki, wato a ba ka kon, a gaya maka radiyos ɗinsa da tsayinsa, sannan a ce ka nemo faɗin fatarsa. Da yawa daga cikinmu sun haddace ƙa'idar, amma duk da haka amsa ba ta fitowa daidai. Dalili kuwa shi ne, kon yana da tsayi iri biyu, kuma wanda ake ba mu a cikin tambaya sau da yawa ba shi ne wanda ƙa'idar take bukata ba.

Mene ne kon?

Kon siffa ce mai gindi zagayayye kamar faifai, wadda take tsukewa a hankali har ta ƙare da tsini ɗaya a sama. Mun san ta a jinkar ɗaki da ta rumbu, mun san ta a mazurarin da ake zuba mai da shi, mun kuma san ta a bakin fensir idan an fiƙe shi. Kon ɗin da muke magana a kansa a nan shi ne wanda tsininsa yake daidai saman tsakiyar gindinsa, bai karkata gefe ba. Shi ne wanda littattafanmu suke koyarwa, kuma duk abin da za mu faɗa a ƙasa a kansa yake.

Akwai awo uku da ya kamata mu rarrabe. Na farko shi ne radiyos, wanda ake rubutawa da harafin r. Shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar gindi da bakinsa. Na biyu shi ne tsayin tsaye, wanda ake rubutawa da h. Shi ne nisan daga tsakiyar gindi zuwa tsini, a miƙe ta cikin kon ɗin. Idan aka ɗaura igiya a tsinin jinka daga ciki aka sako ta har ta zo daidai da bakin jinkar, tsawon igiyar nan shi ne h. Na uku shi ne tsawon gangare, wanda ake rubutawa da l. Shi ne hanyar da ruwan sama yake bi daga tsinin jinka, ta bayanta, har ya zo baki ya ɗiga.

Fatar kon kuma kashi biyu ce. Akwai lanƙwasasshen gefen da ya zagaye shi, akwai kuma da'irar gindi. Idan an ce a nemo faɗin gefe kawai, gindi ba ya cikin lissafi. Idan an ce a nemo faɗin fata gaba ɗaya, sai a haɗa su biyun.

Daga ina πrl ta fito?

Littafi ya ce faɗin gefen kon shi ne πrl. Wanda ya san inda wannan ta fito ba zai taɓa sa h a wurin l ba, don haka bari mu gwada da takarda.

Ɗauki kamfas ka zana da'ira mai radiyos santimita 10 a kan takarda mai ɗan kauri. Yanke ta, sannan ka raba ta gida biyu daidai. Ɗauki rabi ɗaya, ka naɗe shi ta yadda miƙaƙƙen bakinsa zai ninku gida biyu, ɓangarorin su haɗu ba tare da ɗaya ya hau kan ɗaya ba, sai ka liƙe da salatif. Abin da ke hannunka yanzu kon ne marar gindi.

Duba abin da ya faru da awon. Tsakiyar da'irar da ka zana ita ce ta zama tsini. Radiyos ɗin nan na santimita 10 shi ne ya koma tsawon gangare. Lanƙwasasshen bakin takardar kuma shi ne ya zagayo ya zama kewayen gindin kon. Tsawon wannan baki rabin kewayen babbar da'ira ne, wato santimita 31.4 idan muka ɗauki π a matsayin 3.14. Da'irar da kewayenta yake santimita 31.4 kuwa radiyos ɗinta santimita 5 ne. Ɗora kon ɗin a kan rula ka gani, faɗin bakinsa daga gefe zuwa gefe zai kai kimanin santimita 10.

To, nawa ne faɗin takardar? Rabin da'ira ce, don haka faɗinta rabin 3.14 × 10 × 10 ne, wato murabba'in santimita 157. Yanzu gwada ƙa'idar littafi: 3.14 × 5 × 10, shi ma 157 ne. Naɗe takarda bai ƙara mata faɗi ba, bai kuma rage ba.

Wannan ba dace ba ne. Kowane kon idan aka tsaga gefensa daga tsini zuwa baki aka shimfiɗe shi, yanki ne na wata babbar da'ira mai radiyos l. Kewayen babbar da'irar gaba ɗaya 2πl ne, amma bakin yankin namu 2πr ne kawai, tunda shi ne ya zagaye gindi. Ke nan rabon da yankin ya ɗauka daga da'irar shi ne 2πr a raba da 2πl, wanda ya rage zuwa r/l. Faɗin babbar da'irar πl² ne, don haka:

faɗin gefe = (r/l) × πl² = πrl

A lura da kyau, tun daga farkon wannan bayani har ƙarshensa ba mu ambaci h ba. Tsayin tsaye yana cikin iskar da ke cikin kon ne, ba ya kwance a kan takardar. Abin da ke kwance a kan takarda shi ne l, shi ya sa shi ne yake cikin ƙa'idar.

Yadda ake samo l daga r da h

Idan tambaya ta ba mu r da h, aikinmu na farko shi ne mu nemo l. A ce mun raba kon gida biyu da wuƙa daga tsini zuwa ƙasa. A fuskar da aka yanka za mu ga layi uku sun haɗu sun yi alwatika. Layin h ya sauko tsaye daga tsini zuwa tsakiyar gindi. Layin r ya kwanta daga tsakiya zuwa baki. Layin l kuma ya haɗa baki da tsini. Inda h da r suka haɗu kusurwa ce mai digiri 90, kuma l shi ne layin da ke fuskantar wannan kusurwa, don haka shi ne mafi tsawo a cikin ukun.

A irin wannan alwatika ƙa'idar Pythagoras take aiki. Ta ce idan ka ninka kowane ɗaya daga gajerun layukan biyu da kansa, sannan ka tara su, za ka sami abin da dogon layin zai bayar idan aka ninka shi da kansa:

l² = r² + h²

Bayan an tara, sai a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla. Wannan shi ne aikin alamar √ da ke kan kalkuleta.

Misali na farko, irin na jarrabawa

Ga kon na katako, rufaffe ta ko'ina, radiyos ɗinsa santimita 7, tsayinsa na tsaye santimita 24. Ana son faɗin fatarsa gaba ɗaya, an kuma ce a ɗauki π a matsayin 22/7.

Mataki na farko shi ne neman tsawon gangare. Bakwai sau bakwai 49 ne, 24 sau 24 kuma 576 ne.

l² = 49 + 576 = 625
l = √625 = 25 cm

Mataki na biyu shi ne faɗin gefe. Tunda radiyos 7 ne, bakwai ɗin da ke ƙasan 22/7 zai soke shi, ya rage 22 sau 25.

πrl = 22/7 × 7 × 25 = 550 cm²

Mataki na uku shi ne gindi, wanda da'ira ce kawai.

πr² = 22/7 × 7 × 7 = 154 cm²

Idan aka tara 550 da 154, faɗin fatar gaba ɗaya murabba'in santimita 704 ne. Akwai gajeriyar hanya ga mai sauri. Tunda πr tana cikin kashi biyun, ana iya fitar da ita waje a rubuta πr(l + r). A nan zai zama 22 sau 32, wanda shi ma 704 ne. Muna ba da shawara a yi ta doguwar hanya tukuna, sannan a yi amfani da gajeriyar wajen tabbatar da amsa.

Yanzu a ce wani ya yi gaggawa ya sa 24 a wurin 25. Zai sami 528 a gefe, jimla kuma 682. Amsar tana kama da gaskiya, ba ta yi nisa da 704 ba, shi ya sa mai ita ba zai yi zargin komai ba. A tambayoyin zaɓi, irin wannan amsa tana iya kasancewa cikin waɗanda aka jera, kuma ganinta a jerin ba hujja ba ce cewa ita ce daidai. Wannan kon ɗin siriri ne dogo, shi ya sa h da l suka kusanci juna. A misali na gaba za mu ga abin da ke faruwa idan kon ɗin mai faɗi ne gajere.

Misali na biyu, jinkar ɗaki

A ce za a yi wa zagayayyen ɗaki jinka. Faɗin ɗakin daga bayan bango zuwa bayan bango mita 5 ne. Ana son bakin jinkar ya zarce bango da rabin mita ta kowane gefe, domin ruwan sama kada ya riƙa dukan ginin. Daga daidai bakin jinkar zuwa tsininta, a tsaye, mita 2.5 ne. Wane faɗi ne ciyawar baibaya za ta rufe?

Kafin a taɓa kowace ƙa'ida, sai an gano radiyos na gaskiya. Mita 5 da aka bayar dayamita ce ta ɗakin, ba radiyos ba, kuma jinkar ta fi ɗakin faɗi. Rabin mita ta wannan gefe da rabin mita ta wancan sun ƙara mita 1, don haka faɗin jinkar mita 6 ne. Rabinsa, mita 3, shi ne r.

l² = 3² + 2.5² = 9 + 6.25 = 15.25
l = √15.25 = 3.905 m

A wannan karon amsar ba ta fito cif ba, kuma haka yawancin awo na zahiri suke. Idan babu kalkuleta a kusa, ana iya kintatawa. Huɗu sau huɗu 16 ne, ya ɗan wuce 15.25. Idan aka gwada 3.9 sau 3.9 za a sami 15.21, wanda ya kusa ƙwarai. Ke nan l ya ɗara 3.9 kaɗan. Wannan tsawon yana da amfani ko ban da lissafin faɗi, domin shi ne tsawon da itatuwan da ke sauka daga tsini zuwa baki za su kai, kafin a ƙara abin ɗauri.

Jinka ba ta da gindi, ƙarƙashinta a buɗe yake. Saboda haka gefe kawai za mu lissafa, mu ɗauki π a matsayin 3.142.

πrl = 3.142 × 3 × 3.905 = 36.8 m²

Da an sa tsayin tsaye a wurin gangare, da amsar ta zama 3.142 × 3 × 2.5, wato kimanin murabba'in mita 23.6. An rasa sama da murabba'in mita 13 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin uku na rufin. Wanda ya tanadi ciyawa bisa wannan lissafi aiki zai tsaya masa da saura mai yawa.

Akwai iyakar da ya kamata mu sani a nan. Lambar 36.8 faɗin wurin da za a rufe ne, ba yawan ciyawar da za a saya ba. Mai baibaya yana ɗora kowane layi na ciyawa a kan na ƙasa da shi don kada ruwa ya sami hanya, saboda haka abin da zai ci ya fi wannan. Haka ma mai ƙera mazurari da gwangwani yakan bar ɗan baki na haɗi. Ƙa'idar tana ba da mafi ƙarancin abin da ake bukata, mai sana'a ne yake ƙara na haɗi.

Yadda za ka gane ka yi kuskure

Akwai gwaji guda uku da ba sa cin minti ɗaya, kuma suna kama yawancin kurakurai.

Gwaji na farko a kan l yake. Dole l ya fi h, dole kuma ya fi r, tunda shi ne dogon layin alwatikar. Amma ba zai kai r da h a haɗe ba, domin hanyar yanke ta fi zagaye kusa. A misalinmu na farko, l dole ya faɗa tsakanin 24 da 31. Wanda ya sami 31 cif, tara r da h ya yi kai tsaye ba tare da ninka kowanne da kansa ba. Wanda ya sami kusan 23 ɗebewa ya yi a maimakon tarawa, wato 576 a cire 49. Wanda ya tsaya a 625 kuwa ya manta da alamar √.

Gwaji na biyu a kan faɗin gefe yake. Faɗin gefe koyaushe ya fi faɗin gindi, saboda l ya fi r. Hankali ma ya nuna haka: abin da ya rufe da'ira sannan ya tashi sama dole ya fi shimfiɗaɗɗiyar da'irar girma. A misalin jinka, da'irar da take rufewa faɗinta 3.142 × 9 ne, wato kimanin murabba'in mita 28.3. Amsar kuskure ta 23.6 ba ta ma kai wannan ba, ke nan ko a kwance aka shimfiɗa ciyawar ba za ta rufe wurin ba. Wannan gwajin ba ya kama kowane kuskure, don 528 na misalin farko ya tsallake shi, shi ya sa ake haɗa shi da na farko.

Gwaji na uku shi ne sake karanta tambayar da tambayoyi biyu a zuciya. Radiyos aka ba ni ko dayamita? Abin nan rufaffe ne ko buɗaɗɗe? Kon na katako ko na ƙarfe da aka ce cikakke ne yana da gindi, don haka ana ƙara πr². Hular takarda da jinka da tanti marar daɓe ba su da shi. A nan ne kuma ake duba ma'auni. Idan an ba da r a santimita, h kuma a mita, sai an mayar da su iri ɗaya kafin a fara. Amsar ƙarshe kuma cm² ko m² ce, ba cm ko m ba, domin faɗi muka auna ba tsawo ba.

Abu ɗaya kuma game da taƙaita lamba. Idan l bai fito cif ba, kada a yi saurin datse shi. Da mun mayar da 3.905 zuwa 4 tun farko, da amsar jinka ta koma 37.7 a maimakon 36.8. A riƙe aƙalla lambobi uku bayan ɗigo ana cikin aiki, sai a ƙarshe a taƙaita yadda tambaya ta nema.

Idan aka juya tambayar

Wani lokaci ana ba da faɗin gefe da radiyos, a ce a nemo tsayin tsaye. Hanya ɗaya ce, baya kawai ake bi. A ce faɗin gefe murabba'in santimita 220 ne, radiyos kuma 7. Tunda πr a nan 22 ne, sai a raba 220 da 22, a sami l = 10. Yanzu h ake nema, kuma h ɗaya ne daga gajerun layuka, saboda haka a nan ne ɗebewa take da hurumi.

h² = l² − r² = 100 − 49 = 51
h = √51 = 7.14 cm

Gwajinmu na farko yana nan: 7.14 bai kai 10 ba, kamar yadda ya kamata. Kon ɗin takardar da muka yi ɗazu ma ana iya gwada shi haka. Da l = 10 da r = 5, h² zai zama 75, tsayin kuma kimanin santimita 8.7. Kifa kon ɗin a kan tebur, ka tsayar da rula a gefensa, ka ɗora littafi a kwance a kan tsinin, ka karanta inda ya taɓa rular.

Aikin mako

Ga kon cikakke, dayamitar gindinsa santimita 42, tsayinsa na tsaye santimita 20. A ɗauki π a matsayin 22/7, a nemo tsawon gangare, da faɗin gefe, da faɗin fata gaba ɗaya. Ga alamar da za ta taimaka: idan an bi hanya daidai, l zai fito cif ba tare da ɗigo ba. A rubuta matakan duka, ba amsa kaɗai ba, a sa suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa aikin da ya fi tsafta a wannan allo a fitowa ta gaba, tare da cikakken bayanin amsar.